Kuɗi cif-cif da rubutun da ya maimaita kansa: yadda ake tantance su a lissafin shekara na ƙaramar kasuwanci

Tambaya: Yayana yana da wurin saye da sayar da shinkafa a Birnin Kebbi, ya kuma ɗora mini nauyin duba lissafin shekarar da ta gabata. A takardar banki na ga an tura kuɗi cif-cif sau da yawa, kamar dubu ɗari uku ko miliyan ɗaya, a littafin akawu kuma na ga wasu kuɗaɗen an rubuta su sau biyu. Ta yaya zan bambance kuskure da ha'inci ba tare da na ɗauki alhakin kowa ba? Daga wani mai karatu a Birnin Kebbi.

Amsa: Malam, abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka ajiye takardar bankin da aka miƙo maka, ka sa Yayanka da kansa ya karɓo sabuwa daga banki ko ya sauke ta daga manhajar bankin a gabanka, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Takardar da ta biyo ta hannun mai riƙe da lissafi ana iya goge layi ko sauya adadi a cikinta, kuma duk binciken da aka gina a kanta ya zama aikin banza. Idan sabuwar ta zo, ka ɗauki kuɗin da ke asusun a farkon shekara, ka haɗa da duk abin da ya shigo, ka cire duk abin da ya fita. Dole ne abin da ya rage ya yi daidai da adadin da aka rufe shekara da shi, har kwabo.

Game da kuɗin da ba su da 'yan kai, dalilin da ya sa masu binciken kuɗi ke tsayawa a kansu shi ne cinikin gaskiya yakan fito ne daga lissafin adadin kaya sau farashi. Buhu 37 na shanshera a kan naira 41,500 kowanne zai ba da naira 1,535,500, ba miliyan ɗaya da rabi cif ba. Wanda kuwa yake ƙirƙiro adadi daga kansa, ba kaya a gabansa, hannunsa yakan tafi ga dubu ɗari uku ko dubu ɗari biyar. Sai dai a kasuwanninmu wannan alama tana da rauni idan aka riƙe ta ita kaɗai, domin kuɗin haya da albashi da abin da mai dukiya ke cira don cefanen gida duk cif suke zuwa, haka ma kafin alƙalami da ake tura wa dillali ya tara kaya a Argungu ko Suru. Hatta cinikin gaskiya, buhu 40 a kan naira 50,000 miliyan biyu ne cif. Kuma tun da farashi ya hau, kuɗi da yawa da sifiri uku suke ƙarewa, don haka kada ka ɓata lokacinka a kan duk abin da ya rabu da dubu ɗaya. Ga kasuwanci irin na Yayanka, ka nemi waɗanda suka rabu da dubu ɗari ba saura. Idan ka samu takardar a Excel, kuma kuɗin da suka fita suna layin D, wannan zai nuna maka su:

```
=AND(D2>0,MOD(D2,100000)=0)
```

Bari in ba ka labarin wani aiki da na yi a irin wannan sana'a, na ɗan sauya alƙaluman saboda amanar mai dukiyar. Kuɗi sun fita daga asusun sau 1,240 a shekarar, 96 daga ciki sun rabu da dubu ɗari cif. Na zauna da mai dukiyar muka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai 71 suka faɗi da kansu: haya ce, albashi ne, ko kuɗin da shi ya cira kuma ya tuna. Saura 25, duk an rubuta musu kuɗin shanshera. A nan ne na yi amfani da gwajin da na fi yarda da shi, wato neman ciko. Kafin alƙalami na gaskiya ba ya zama shi kaɗai, domin idan kaya sun iso an ƙirga buhuna, sai an tura cikon kuɗin, kuma cikon yakan zo da 'yan kai. Miliyan ɗaya da aka tura ranar Litinin, da naira 535,500 da aka tura wa mutum ɗaya ranar Alhamis, idan aka haɗa su sun ba da kuɗin buhu 37 ɗin nan, kuma littafin sito ya nuna buhu 37 sun shiga a makon. Guda 19 sun sami cikonsu ta wannan hanya.

Shida suka rage, kowanne naira 300,000, jimilla miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, duk zuwa asusu ɗaya. Babu ciko a bayansu, babu rasit, babu kuɗin mota ko na 'yan dako a ranakun, littafin sito bai nuna ko buhu ɗaya ya shiga ba, kuma huɗu daga cikinsu an tura su ne a damina, lokacin da wurin bai saye shanshera ba. Akwai kuma abin da ya ƙara ja hankalina, wato mai dukiyar ya ba akawu izinin tura duk abin da bai kai naira 500,000 ba ba tare da an tuntuɓe shi ba. Duk inda aka sa irin wannan iyaka, ka duba kuɗaɗen da ke tsayawa a ƙasanta, musamman idan an tura biyu ko uku a rana ɗaya ga mutum ɗaya.

Duk da haka ban yanke hukunci ba a lokacin, kai ma kada ka yanke. Manoma da ƙananan dillalai da yawa ba su da asusu, sukan ba da lambar ɗan'uwa ko ta mai POS na kasuwar, saboda haka ganin baƙon suna a takarda ba ya nufin an ci amana. Abin yi shi ne a kira dillalin da aka ce shi ya karɓi kuɗin, da lambar wayar da mai dukiya ya sani, ba wadda akawu ya bayar ba, a tambaye shi nawa ya karɓa a shekarar kuma ta wane asusu. Kada ka faɗa masa adadin da ke hannunka. Bari shi ya faɗi nasa.

Maimaita rubutu kuwa iri-iri ne, kuma kowanne da ma'anarsa, don haka tambayar farko ita ce a ina aka maimaita. Idan kuɗi sun fita sau biyu a banki kuma rasit ɗaya ne, an biya mutum sau biyu, sai a nemi inda ya mayar ko inda aka cire masa a ciniki na gaba. Idan a littafi ne aka rubuta sau biyu alhali sau ɗaya suka fita a banki, to an kumbura kuɗin da aka kashe, an rage riba. Wannan yakan faru da zuciya ɗaya, misali a rubuta ranar da rasit ya zo, a sake rubutawa ranar da aka biya. Amma ka lura da wannan da kyau, domin nan ne mutane da yawa ke wucewa: idan an rubuta fitar naira 535,500 sau biyu, dole ne littafi ya nuna kuɗin da ya gaza na banki da wannan adadin. In kuwa ka tarar littafi da banki sun yi daidai a ƙarshen shekara duk da maimaicin, to akwai wasu kuɗi daidai wannan adadin da suka fita ba a rubuta su ba, kuma maimaicin shi ne mayafin da aka lulluɓe su da shi.

Akwai nau'i na uku da matsalar sabis ta sa ya yawaita. A tura kuɗi, banki ya cire, amma ba su isa ba, dillali yana tsaye yana jira, sai akawu ya sake turawa. Daga baya banki ya mayar da na farkon, kuma za ka ga layin a ɓangaren kuɗin da suka shigo, galibi da alamar `REV` ko `REVERSAL`. Wannan ba laifi ba ne matuƙar an rubuta dawowar a littafi. A aikin da na ambata na sami irin wannan sau uku. Biyu an rubuta dawowarsu, ɗayan kuwa an bar shi a littafi a matsayin an biya sau biyu, sannan bayan kwana huɗu aka cire kusan adadin a tsabar kuɗi. Don haka duk tagwayen da ka gani a banki, ka bi takardar har makonni biyu gaba kana neman na ukunsu.

Don zaƙulo tagwayen, idan sunan wanda aka biya yana layin B kuma adadi yana layin D, ka yi amfani da wannan:

```
=COUNTIFS(B:B,B2,D:D,D2)>1
```

Da gangan ban sa kwanan wata a ciki ba, saboda wanda ya maimaita da niyya ba ya yi a rana ɗaya, yakan bar wata guda ya wuce. Ka sani kuma cewa kwamfuta ba ta gane Alhaji Sani da Alh. Sani mutum ɗaya ne. Saboda haka bayan wannan, ka jera duk kuɗaɗen daga babba zuwa ƙarami ka bi su da idonka. Adadi mai 'yan kai irin 1,535,500 idan ya bayyana sau biyu ya fi cancantar a tsaya a kansa fiye da 200,000 da ya bayyana sau goma, domin da wuya ciniki biyu daban su haɗu a kan adadi irin wannan.

Wajen tabbatar da cewa turawa biyu ne na gaskiya ba rasit ɗaya aka gabatar sau biyu ba, ka duba `Session ID` da ke kan shaidar turawa tsakanin bankuna, lamba ce mai alƙaluma 30 kuma kowace turawa da tata. Hoton shaida biyu masu lamba ɗaya, turawa ɗaya ce. Cajin banki ma shaida ne: a tsarin Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki a 2020, tura abin da ya haura naira 50,000 zuwa wani banki yana da cajin naira 50, da harajin VAT na kashi 7.5 ya zama naira 53.75, don haka a bankunan da ke nuna cajin a layinsa daban, turawa biyu kan zo da caji biyu.

Idan ka gama, ka rubuta wa Yayanka abin da ya rage a takarda ɗaya: kwanan wata, adadi, asusun da kuɗin suka shiga, da takardar da ka nema ba ka samu ba. Ka rubuta “ba a sami rasit ko shigar kaya a sito ba”, kada ka rubuta “an sace”, domin na farkon shi ne abin da ka gani da idonka. Ka adana kwafin littattafan a wajenka kafin a yi wa kowa magana, sannan a kira akawu a keɓe, gaban mai dukiya, a miƙa masa jerin, a ba shi mako guda ya kawo bayanin kowane layi tare da takardarsa. Abin da ya kawo, a sake gwada shi da littafin sito da kuma maganar dillalin kafin a karɓa.