Likkafani a Kan Dandamali

"Kaka, barka da hutawa. Makarantarmu za ta shiga gasar wasan kwaikwayo a nan Gombe, minti 15 aka ba kowa, kuma ba mu da kaya sai abin da muka ɗauko daga gida. Ga labarin da za mu mayar wasa na turo maka. A ciki uban yaron ya rasu. Mun ce za mu naɗe wani a farin zane mu ɗauke shi kamar gawa, amma Goggo ta ce ba kyau a al'ada. Da gaske ne, ko camfi ne kawai?"

Amaryata, ashe har kin fara gwajin jana'izata tun ina shan kununa? To ki dakata, ban gama biyan sadakinki ba. Na yi dariya da na ga saƙon nan, amma da na kwanta sai abin ya dawo mini, don ni ma na taɓa ɗaukar irin wannan gawa a kafaɗata, kuma ban ji da daɗi ba.

A 1978 ne, ina kwalejin horon malamai, lokacin Gombe da Bauchi duk jiha ɗaya ce. Aka sa gasa tsakanin gidajen kwanan ɗalibai. Dandamalinmu teburan cin abinci ne guda takwas da aka haɗa, labule kuwa barguna ne da aka rataya a igiyar shanya, ga fitilar gas biyu suna huci. Mu ma labari muka ɗauko, na wani attajiri da ya mutu 'ya'ya suka kaure da faɗan gado, muka ce ai sai an ga gawa kafin a yarda ya mutu. Makara ba ta aruwa, wa zai je masallaci ya ce a ba shi ta wasa? Sai muka ciro ƙyauren ɗakin ajiya. Likkafani kuwa zanen gadon makaranta, da hatiminta da lamba a gefe. Muka zaɓi mafi ƙanƙanta a cikinmu don ya yi sauƙin ɗauka, muka naɗe shi tamau, muka ɗaure kai da ƙafa.

Abin da ba mu lissafa ba biyu ne. Na farko, masu ɗauka na gaba dogaye ne, ni da wani gajere muna baya, sai ƙyauren ya karkace, gawa ta fara zamowa kaina sannu a hankali. Na biyu, hunturu ake yi, ƙyauren nan kuma ya shekara yana tara ƙura. Muna tsakiyar dandamali, mai wasan liman ya ɗaga murya yana salati, zauren ya yi tsit, sai gawa ta yi atishawa. Wani shaƙiyyi daga can baya ya ce, "Yarhamukallah!" Shi ke nan. Zauren ya ɗauki dariya har da masu faɗuwa daga benci. Sauran wasan, wato rabon gadon da muka yi mako uku muna haddacewa, ba wanda ya ji ko kalma. Yaron nan kuwa sunan Marigayi ya bi shi har muka gama makaranta, har yau in tsofaffin ɗalibai sun haɗu da shi haka suke kiransa, ga shi da jikoki.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, wani dattijo mai dafa mana abinci. Washegari ina miƙa kwanona ya riƙe ludayin, ya ce, "Ɗan nan, uwarsa ta san kun sa masa likkafani?" Na rasa ta cewa. Maganarsa ta tuna mini da kakata, wadda in ta ga yaro ya kwanta ya lulluɓe har fuska da farin zane sai ta fizge, ta ce ba a auna likkafani a jikin mai rai. In ka tambaye ta dalili, abin da za ta ce kawai shi ne fata nagari lamiri. Goggonki a hannunta ta tashi, kin ga inda ta samo. Batun halas ko haram kuwa ki kai wa malaminku na Islamiyya, ni malamin Hausa ne mai ritaya. Abin da zan iya rantse miki a kai shi ne gawa a dandamali ba ta sa kuka. Idon kowa yana kan cikinta, ana jira a ga ya motsa.

Na karanta labarin naku sau biyu. Shafi shida ne, amma ya taka wurare bakwai: Legas, tasha, cikin mota, asibiti, ɗakin uwa, zaure, maƙabarta. A takarda wannan ba komai ba ne, layi ɗaya ya kai ki Legas ya dawo da ke. A dandamali kowane wuri sai an ja labule, an kwashe kaya, an jera wasu, kuma duk jan labule yana cin kusan minti guda. Sau shida ke nan, kin zubar da minti 6 cikin 15 'yan kallo na kallon bargo. Saboda haka ki fara da tambayar kanki, labarin nan a ina ya fi zafi? Ba a asibiti ba ne, ba a maƙabarta ba ne. A ƙofar gida ne, lokacin da yaron, Bala, ya sauka da jakarsa bai san an riga an kai mahaifinsa ba. To nan ne wasanku. Duk sauran wuraren ku jawo su ƙofar gidan, ko ku bar su a bakin mutane.

Ga yadda zan yi in ni ne. Fitowa uku kawai, ba labule ko sau ɗaya. A ta farko ku raba dandamalin biyu. A hagu tsohon na zaune kan tabarma da sandarsa da buta, yana kiran waya. A dama Bala na tsaye da abokinsa suna lissafin kuɗi. Wayar ta yi ƙara, ya duba, ya kife ta. Sau uku. A labarin an rubuta wajen rabin shafi cewa yana jin kunyar ɗauka domin bai aika kuɗin maganin da ya yi alkawari ba. Wannan rabin shafin ba zai hau dandamali ba, don ba a ganin tunani. Ko dai ya zama aiki, kamar kife wayar, ko ya zama magana da wani. Amfanin abokin ke nan, ya ce, "Ba tsoho ba ne? Ɗauka mana," Bala ya ce, "In ce masa me?" Kalma huɗu sun ɗauke rabin shafi. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji mutanen da.

Za ki ji ana cewa a sa mai ba da labari ya tsaya gefe yana karantawa. Yana da gurbinsa. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garin Bauchi, ai Shaihun ne da kansa yake ba almajiransa labarin rayuwarsa, kuma Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da littafin wasa, aka buga a 1975. Amma wancan tafiya ce ta shekaru da ƙetare hamada. Naku na kwana biyu ne. In mai ba da labari ya wuce jimla uku, alƙalai za su ce karatu kuka zo yi.

Fitowa ta biyu ita ce amsar tambayarki, in kin lura. Tsohon ya tashi ya shiga ciki yana tari, ya bar sandarsa jingine da hularsa kan tabarma. Dandamali ya zauna ba kowa, ku ƙirga goma a zuci, kada ku ji tsoron shirun. Sai a jiyo muryar mace ɗaya daga ciki tana salati, ba kururuwa ba, don kururuwar 'yan makaranta dariya take jawowa. Sai yara biyu su fito da tabarma ta biyu su shimfiɗa, maza su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuɓe takalmi a gefe ya zauna ya sunkuyar da kai. Wane Bahaushe ne zai ga tabarmi a ƙofar gida da tarin takalma da sassafe ya nemi a nuna masa gawa?

Daga nan Bala ya shigo ta bayan 'yan kallo, ta tsakiyarsu, da jakarsa da ledar magani a hannu. Ya tsaya. Ya ga takalman. A labarin an ce ya faɗi yana birgima, ni dai da na cire. Ya saki ledar kawai, kwalbar ta gangara. Sai baffansa ya ɗago ya ce, "Bala, ka iso? Ya haƙuri?" Fitowa ta uku kuma tsakaninsa da uwarsa, ku naɗe tabarma ɗaya, wurin ya zama cikin gida. Ita ce za ta faɗi abin da ya faru a asibiti, a taƙaice, tana miƙa masa hular.

Ki ƙirga kayan: tabarma biyu, buta, sanda, hula, jaka, leda da kwalba, waya biyu, sai takalman da kuka zo da su a ƙafa. Duk za su shiga buhu ɗaya. Mutum goma sha ɗaya na labarin kuma ku mai da masu magana biyar, likita da direba da kwandasta su tafi hutu, sauran 'yan ajin su zama masu zaman makoki, kowa ya samu shiga. Ku yi gwaji da agogo a hannu, a tsaye, da shiga da fita, ba a zaune kuna karantawa ba. In ya kai minti 12 ku tsaya nan, ranar gasa tsoro da tafi da jiran shiru za su cinye ragowar. Mai magana kada ya ba 'yan kallo ƙeya, masu zaman makoki su zauna kamar rabin wata suna fuskantar jama'a. Sallar jana'iza kuma kada ku kwaikwaye ta ko da wasa, wannan ko ni ba zan zauna in kalla ba.

Abin da ke ba ni takaici da ku yaran yanzu, kun saba da fim, inda sai an nuna jini da gadon asibiti da ledar ƙarin ruwa kafin ku yarda mutum ba shi da lafiya. Mu da muke tashe da azumi, auduga kaɗan a haɓa da tsumma a gadon baya da kara a hannu, an gama tsoho, gari guda ya yarda har a ba mu hatsi. Sai da muka shiga kwaleji muka ga mun waye, muka ciro ƙyaure.

Ki gaida Goggon taki, ki ce na ce ta bar ku ku yi wasanku tunda ba zane. Hula zan ba direban da ke zuwa Gombe ranar Laraba ya kawo miki, tsohuwar zanna bukar ɗin nan da kakarki ta daɗe tana neman hanyar jefarwa. Sandar ma ki ɗauka, amma ki dawo mini da ita kafin Juma'a, da ita nake zuwa masallaci.