Akuya ba ta biyan uban ɗaki

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan masarufi a Tawa. Makiyaya na wajen Abalak da manoman karkara sukan ɗauki shinkafa, mai da sukari su biya ni da awaki, hatsi ko albasa. Gidana cike da dabbobi, sitona cike da buhuna, amma uban ɗakina da ke turo mini kaya daga Yamai yana bi na jikka 600, kuma ba ni da tsabar da zan ba shi. Ai dukiya dukiya ce. Ko in riƙe dabbobin har layya in ci riba sau biyu?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin mu je ga layya, buɗe littafin shagonka. Na tabbata abin da ke ciki shi ne "buhu biyu, akuya ɗaya", babu ko dala a rubuce a gefensa. Nan ciwon yake. Karɓar akuya ba laifi ba ne, duk mai ciniki da makiyaya a Adar yana yi. Laifinka shi ne kana karɓa ba tare da ka yanka mata farashi da sefa ba, saboda haka ba ka san ko ci kake yi ko cin ka ake yi ba.

Kuɗi duk abin da jama'a suka yarda su karɓa ne a biyan kaya ko bashi, ba don suna son shi kansa ba, sai don sun san na gaba ma zai karɓa. Kakanninmu da wuri suka yi, mu da takardar sefa ta babban bankin BCEAO muke yi. Aiki uku yake yi: ana biya da shi, ana auna darajar kaya da shi, ana kuma ajiye dukiya a cikinsa. Kai na tsakiyan ka yar, shi ya ja maka sauran.

Bari mu bi cinikin akuya ɗaya da ƙiyasi, kai ka sa farashinka na gaskiya. A ce buhun shinkafa ya zo maka a jikka 12 da rabi, kana sayarwa 14. Ka ba da biyu, jarinka jikka 25 ke nan. Makiyayi ya ce akuyarsa ta kai 30, kai kuma ka ji daɗi, a ranka ka ci jikka 5. To akuya ba buhu ba ce da za a jingine a bango. Dusa da harawa na dala arba'in kullum, mako uku, sefa 4,200. Ranar kasuwa dillali ya ɗauki jikka ɗaya, kai ta kasuwa da kuɗin shiga wasu 500. Kuma lokacin da makiyayi ya rasa tsaba ya kawo maka dabba, lokacin ne ƴan'uwansa duka suke fitar da nasu, kasuwa ta cika, sai aka taya 26 ka sallama. Abin da ya shiga aljihunka sefa 20,300 ne a kan jarin 25,000. Ka yi asarar 4,700 a cinikin da ka ƙidaya riba. Maimaita wannan sau ɗari, ka ga inda mafi yawan jikka 600 na uban ɗakinka suka shige.

Kada ka ce makiyayin ya cuce ka. Shi ya san akuyarsa tun tana shan nono, kai kuwa shinkafa ka sani. In babu ma'auni guda da kowa ya yarda da shi, wanda ya fi sanin kayan shi ke yanke farashi. Kuma duba nauyin da ka ɗora wa kanka. In kaya iri ashirin ke yawo tsakaninka da masu sayenka, da sefa farashi ashirin kawai za ka riƙe. Da musaya zalla sai ka san tiya nawa na hatsi ke sayen litar mai, litar mai nawa ke sayen buhun albasa, buhun albasa nawa ke sayen tunkiya, har farashi 190, kuma kowanne yana motsi daga kaka zuwa bazara. Babu kan da zai riƙe wannan.

Sai maganar biya. Ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda yana tafiya ne kawai in kowa yana son abin da ke hannun ɗan'uwansa, a rana ɗaya, daidai gwargwado. Shi ya sa ayarin Bilma ya daɗe a kan musaya: mutanen Kawar suna da gishiri da dabino, hatsi ba ya yi a wurinsu, masu raƙuma kuma sun zo da hatsin, gishirin suke so. Kai fa? Uban ɗakinka a Yamai ba ya son akuya, domin wanda ya shigo masa da shinkafar ba ya karɓar akuya, mai mota da ƴan duwan ma haka. Sarƙar duka da tsaba take tafiya, kai kaɗai ka sa dabba a tsakiya. Ga shi kuma ba ta rarrabuwa. In bashin jikka 7 ne, ba za ka yanke ƙafa ɗaya ka aika ba.

Na san wani ɗan kasuwa a wajen Madawa da ya karɓi albasa a madadin bashin taki, ya zuba a rudu yana jiran tsada. Tsadar ta zo kuwa. Amma da aka buɗe, wata ta ruɓe, sauran ta sha iska ta rage nauyi, mai takin kuma ya riga ya ba wani amanar kayansa saboda ya gaji da jira. Wannan shi ne aikin kuɗi na uku. Takardar jikka goma ba ta cin dusa, ba ta zawo, ƙwari ba sa huda ta. Ba na ce ba ta da nata ciwon ba. A watan Janairun 1994 an wayi gari an rage darajar sefa da rabi a kan faran na Faransa, kuma duk wanda ya riƙe naira a Konni daga 2023 zuwa 2024 ya ga yadda kuɗi ke narkewa a aljihu. Amma bashinka da sefa aka rubuta shi, sefar kuma tun 1999 a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Wanda ake bi sefa, da sefa ya kamata ya yi ajiyar biya.

Batun riba sau biyu a layya, ka bar shi. Rago mai ƙiba ake nema ranar, ba ramammun awakin da aka ba ka don an rasa yadda za a yi da su ba. Kiwon layya sana'a ce daban mai jarinta da lissafinta, kuma ba a yin ta da kuɗin wani ba da saninsa ba. In uban ɗakinka ya daina turo kaya, shagon ne ya mutu, awakin kuma za su ci gaba da neman dusa.

Daga yau kowace musaya ka raba ta gida biyu a littafi: na sayar da shinkafa kaza, na sayi akuya kaza. Farashin akuyar kuwa ba wanda mai ita ya faɗa ba, wanda dillali zai ba ka a hannu a kasuwa mai zuwa, ka cire abinci da la'ada. In lissafin bai kai kuɗin shinkafar ba, ya cika da tsaba ko ya kai ta kasuwa da kansa ya dawo. Kada dabba ta wuce kasuwa biyu a gidanka. Hatsi kaɗai zan yarda ka riƙe, shi ma bayan ka biya bashi, domin yana ajiyuwa kuma yakan yi tsada kafin sabo ya fito. Wannan makon ka kira dillali ya yi wa garken da siton kuɗi gaba ɗaya, ka fara sayar da albasa da dabbobin da suka fi ci, ka aika wa uban ɗakinka ko da jikka 200 ne tare da ranar da za ka cika sauran.