Kadarorina sun kai miliyan 1.4, me ya sa banki ya ce ba su kai dubu 500 ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da kayan tsarabar alhazai sari a Jidda: darduma, carbi, jallabiya, turare da dabino. Na nemi riyal 700,000 a banki don in yi odar kaya kafin aikin Hajji. Na ba da jinginar filina na Bahara, mita 500, wanda nake ganin ya kai 800,000, da motar ɗaukar kayana da za ta yi 100,000, da kayan da ke sito na 500,000. Sai suka ce duka a wurinsu bai kai 500,000 ba. Shin zalunci ne, ko akwai lissafin da ban sani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa. Akwai lissafi, kuma zan bi maka shi ɗaya bayan ɗaya, domin na daɗe ina zama a kan irin waɗannan takardu, na kuma san zafin da mutum yake ji idan aka rage wa guminsa daraja a gaban idonsa.

Kai da banki ba rana ɗaya kuke kallo ba. Kai kana kallon yau, kasuwa na ci, kana da lokacin jiran mai saye da zai taya da kyau. Shi kuwa banki yana kallon ranar da, Allah ya kiyaye, biya ya gagara, magana ta je kotun zartarwa, aka fitar da kadarar gwanjo. A ranar nan mai saye ya san dole ce ta sa ake sayarwa, ga kuɗin dillali da na shari'a, ga watannin da za a shafe kafin kuɗi su shigo. Abin da zai rage bayan duk wannan shi ne darajar jingina a idon banki. Kason da ake ragewa ya bambanta daga banki zuwa banki, saboda haka wanda zan yi amfani da shi a nan misali ne, amma yana kusa da abin da aka saba gani.

Mu fara da filin, tunda shi ne ƙashin bayan jinginarka. Ba ma'aikacin banki ne yake yi masa kuɗi ba. Ana tura mai ƙiyasi da ke da lasisin hukumar Taqeem, sau da yawa ma biyu, kuma idan suka saɓa, banki ya fi karkata ga ƙaramin adadi. Mai ƙiyasin ba ya duba farashin da mutane suke rubutawa a tallan fili. Yana duba cinikin da aka riga aka kammala aka yi wa rajista a wannan yanki cikin 'yan watannin baya. Kai ka lissafa mita a kan 1,600, ƙila don maƙwabcinka haka ya sa wa nasa suna. To amma sa suna daban, sallamawa daban. Idan filaye uku ko huɗu masu kama da naka an sallama su a kan 1,300, to filinka 650,000 ne a takarda. Daga nan yana ƙarawa ko ya rage gwargwadon faɗin titin da filin ya kalla, ko yana kan kwana, ko wuta da ruwa sun iso, ko yana kan hanyar ambaliya. Duk wanda ya ga ruwan Jidda na 2009 ya san dalilin da ya sa ba a wasa da wannan na ƙarshe.

Sai banki ya ɗauki, a ce, kashi 60 cikin ɗari na 650,000, wato 390,000. Fili tsirara yakan sha ragi fiye da ginin da ake haya, domin ba ya kawo ko sisi yayin da ake jiran mai saye, kuma idan kasuwa ta yi sanyi shi ne yake fara kwantai.

Tunda har sun karɓi filin, alama ce sakkinka, wato takardar mallakar filin da hukuma ta bayar, lafiya lau yake. Ina faɗin haka ne saboda 'yan'uwanmu da yawa a nan suke faɗuwa. Filin da aka saya da takardar hannu da shaidu biyu, ko wanda har yanzu yake da sunan marigayi ba a raba gado ba, ko tsohon sakkin takarda da ba a sabunta shi zuwa na lantarki ba, banki ba zai iya rubuta jingina a kansa ba, kuma abin da ba a iya rubuta wa jingina darajarsa sifili ce ko da a bakin babban titi yake. Rusau da aka yi wa tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021 ya koya wa mutanenmu bambancin mai sakki da marar shi.

Motar ba ta buƙatar dogon bayani. Za a duba shekarar ƙirarta, tafiyar da ta yi, ko ta taɓa haɗari, da abin da irinta take yi a kasuwar motoci. A ce an samu 70,000. Bashin zai ɗauki shekara biyu ko uku, motar kuma kullum tana kan hanyar Makka da lodi tana tsufa, don haka rabi za su lissafa, 35,000. Ka kuma duba istimara, wato takardar rajistar motar. Idan ta hanyar ijara ka saye ta ba ka gama biya ba, sunan kamfanin da ya ba ka ita ne a kai, ba taka ba ce tukuna balle ka jinginar.

Yanzu kayan sito, inda nake zaton nan ne abin ya fi yi maka ciwo, kuma nan ne lissafinku ya fi nisa da juna.

Ina kyautata zaton 500,000 ɗin nan farashin da kake sayarwa ne. A ciki akwai harajin kashi 15 da kake karɓar wa gwamnati, wanda ba kuɗinka ba ne. Idan aka cire shi, saura kusan 435,000. A ciki kuma akwai ribar da ba ka ci ba tukuna. Banki zai nemi fatura ya ga nawa ka sayo, a ce 330,000. Daga nan sai mai duba kaya ya shiga siton da kansa. Na sha raka irinsu, na ga yadda suke yi: ya wuce katan-katan ɗin da ke bakin ƙofa, ya nufi can ƙurya, ya shafa yatsa a saman kwali ya ga kaurin ƙura, ya juya shi ya karanta ranar da ya shigo. Jallabiyoyin da yayinsu ya wuce, da dardumar da ta kwana Hajji biyu ba ta fita ba, zai ware su gefe, a ce na 70,000. Dabino ma zai fita gaba ɗaya, a ce na 60,000, domin kafin a gama shari'a ko ƙwari sun shige shi ko ya bushe, ga kuɗin sanyaya shi kullum. Sannan zai tambayi kayan da ka karɓo bashi ba ka biya masu su ba, a ce na 50,000, ya cire, tunda akwai mai haƙƙi a kansu. Saura 150,000.

Wannan ma ba duka za a lissafa ba. Ka tuna yadda kasuwarku take. Carbin da ake rububinsa a Zulƙida, wa yake nemansa da Muharram bayan jiragen alhazai sun gama tashi? Kuma ɗan kasuwa ba ya kasa biya a tsakiyar kaka, sai bayan ta wuce, daidai lokacin da kayan suka fi arha. Wanda zai sayi sito guda a lokaci ɗaya abokin sana'arka ne, ya san halin da ake ciki, zai taya yadda ya ga dama. Ga shi kuma kaya suna da ƙafa: fili yana nan inda aka bar shi, amma sito ana iya kwashe shi a dare ɗaya. Shi ya sa ko da dokar 2020 ta ba da damar yi wa jinginar kayan da ake iya ɗauka rajista, bankuna da yawa har yanzu suna ɗari-ɗari da kayan ƙananan 'yan kasuwa. Idan suka ba ka kashi 40 na 150,000, ka samu 60,000.

Haɗa su: 390,000 da 35,000 da 60,000, ya zama 485,000. Ka ga mun iso inda suka tsaya.

Ban ce kowane ƙiyasi daidai ne ba. Ka nemi a nuna maka rahoton filin, ka duba filayen da aka kwatanta da naka. Idan an kwatanta naka mai kallon titin mita 25 da na cikin lungu, ko an ɗauko cinikin shekara biyu baya, ko an yi kuskure a yawan mita, kana da hujjar neman a sake, kuma ana sakewa. A kan kaya kuwa, abin da yake ɗaga daraja shi ne rubutu. Fatura cikakkiya, lissafin da ke nuna kowane kaya yaushe ya shigo yaushe ya fita, da inshorar gobara a kan siton. Mutumin da ya nuna cewa dardumarsa tana ƙarewa duk wata uku, ba za a yi masa ragin da ake yi wa wanda ya ce "ku zo ku gani da idonku" ba. Tsofaffin kayan nan kuma, shawarata ka karya su ka sayar tun yanzu. Dubu arba'in a asusu ta fi maka amfani wajen banki a kan dubu saba'in a ƙuryar sito.

Saura giɓin 215,000. Ka tambayi bankin ko za su shigar da kai shirin Kafalah, wanda gwamnati ta kafa don tsaya wa ƙanana da matsakaitan kamfanoni da jinginarsu ta gaza. Ta hannun banki ake nema, akwai kuɗin da ake biya, kuma lamunin banki yake karewa, kai bashin yana nan a wuyanka. Kafin su amince za su duba tarihinka a SIMAH, kamfanin da ke ajiye bayanan basussukan mutane, da kuɗin da ke shiga asusunka. A nan ina roƙonka ka riƙa shigar da cinikinka ta banki da na'urar kati, domin cinikin da aka zuba a aljihu banki bai gan shi ba, kuma mai ba da bashi ya fi son ganin inda za a biya shi kafin ya kalli abin da zai sayar.

Abu ɗaya da nake so ka karanta da natsuwa kafin ka sa hannu shi ne takardar alkawarin biya, wadda ake kira sanadu li'amr. Kusan ko yaushe tana cikin takardun. Da ita banki zai iya zuwa kotun zartarwa kai tsaye, kuma ba ta tsaya kan fili da mota da kaya ba, tana bin duk abin da ka mallaka har asusunka. Ka duba adadin da aka rubuta a kanta, ka tabbata ya dace da bashin da ribarsa, kuma ranar da ka gama biya ka nemi a rufe ta, a kuma cire jinginar da ke kan sakkin filinka.