Sauke bidiyon YouTube don nazari, akwai matsala?

Tambaya: Ina firojet ɗin digiri a Gombe kan kalaman masu barkwanci, ina so in sauke bidiyo 40 daga YouTube in yi nazari, doka za ta kama ni?

Ɗan'uwa abu biyu ne a nan, mutane na yawan haɗa su. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba da dama a yi amfani da aikin wani don bincike da nazari matuƙar ba kasuwanci ba ne, amma ana duba yawan abin da ka ɗauka da kuma ko ya taɓa wa mai shi kasuwa. To amma ƙa'idar YouTube daban take, sun hana saukewa sai da maballinsu ko izini, ko da doka ta ƙyale ka.

Ni da na yi nawa a Bauchi, mai bidiyon na tura wa saƙo, na ce ga ni ga abin da nake yi, ya amince a rubuce, na adana. Don Allah ka yi hakan, ya fi kwanciyar hankali.

Sannan ka rubuta kalaman kawai da minti da sakan ɗin da aka faɗe su, ka ambaci sunan mai shi. Kar ka sake ɗora bidiyon ko ka raba a guruf, nan ne rigimar take.