Na biya kuɗin kawo kaya, me ya sa masu kawowa ke neman ƙari?

Tambaya, daga Zariya: Na yi odar lasifika daga waje dala 400, na biya dala 60 kuɗin kawowa. Ya iso Legas sai masu kawo kayan suka ce sai na ƙara sama da dubu 200 kafin su ba ni. Wannan ba zalunci ba ne?

Amsa: Malam, dala 60 ɗin nan kuɗin jirgi ka biya, ko kwabo bai shiga aljihun Kwastam ba. Wannan tambaya ta ishe ni wallahi, mutum zai kwana uku yana kwatanta farashi amma shafin ƙarshe na biya da ya fi komai muhimmanci sai ya danna ya wuce kamar ana binsa bashi. A shafin nan ko a rasit akwai wasu haruffa uku. In ka ga DDP, mai sayarwa ya haɗa da haraji, kayanka zai zo har ƙofa ba ƙari. In ka ga DAP ko DDU, ko ba ka ga komai ba, to harajin na wuyanka.

Kuma Kwastam ba a kan farashin kaya kaɗai suke lissafi ba, suna haɗa farashi da kuɗin jirgi da inshora, wato kai dala 460 ke nan. Sai su juya zuwa naira da canjinsu na ranar da aka shigar da takarda, ba canjin da bankinka ya cire maka ranar oda ba. Mu ɗauka canjin 1,500 ne, ya zama dubu 690.

Kowane kaya da ajinsa a jadawalin ECOWAS, akwai mai sifiri, kashi 5, 10, 20, har 35. A ce naka ya faɗa ajin kashi 20, diyuti, wato harajin shigo da kaya, ya kama dubu 138. Akwai ƴan ƙananan caji da ke binsa a baya, kamar kashi 7 na shi kansa diyutin. Sannan VAT kashi 7.5, kuma nan ne mutane ke ruɗewa, domin ana ɗora shi ne a kan jimillar komai har da diyutin, haraji a kan haraji, zai haura dubu 60. Ka ga tun kafin kamfanin kawo kayan ya sa nasa ka riga ka wuce dubu 200.

Nasu kuma shi ne, su suke biyan Kwastam a madadinka don kaya ya fita da wuri, sai su caje ka ladan wannan hidima, in ka bar kayan ya daɗe a sito su ƙara kuɗin ajiya. Don haka kar ka tsaya zagin yaron da ya kira ka a waya, ce masa ya turo maka takardar lissafin Kwastam da ta kamfani. Duba darajar da aka sa wa kayan, in ka ga sun rubuta dala 700 alhali 400 ka biya, tura musu rasit da shaidar cire kuɗi daga banki ka nemi a gyara. Duba ajin kuma, don wani lokacin mai sayarwa ne ya rubuta bayanin kaya a dunƙule aka jefa shi ajin da ya fi tsada. Ni dai kullum sai na ɗauki hoton shafin biya kafin in danna, ku ma ku koya.

Tambaya, daga Gombe: Ni agogon dala 40 na sayo, ba wanda ya nemi komai. Sa'a ce?

Amsa: Tun watan Satumba na 2025 Kwastam ta yafe diyuti ga ƙananan kaya da ba su wuce dala 300 ba, amma sau huɗu a shekara. Masu oda kowane mako suna kai wa shago, ba da ku ake ba.

Tambaya, daga Katsina: In na ce mai sayarwa ya rubuta kyauta ce, ko ya rage farashi a takarda fa?

Amsa: Jami'an nan ma suna da waya, sun san kuɗin iPhone. Za su yi masa nasu ƙiyasin, su iya riƙe kayan, in kuma ya ɓace a hanya diyyar ƙaramin kuɗin da ka sa aka rubuta za ka samu.

Tambaya, daga Kano: An turo min tes cewa kayana na Kwastam, in tura dubu 8 zuwa wani akawun. In tura?

Amsa: Akawun mai sunan mutum? A'a. Ɗauki lambar bibiyar kayanka ka sa a shafin kamfanin da hannunka, kar ka taɓa linkin da ke cikin tes ɗin. In da gaske ana binka kuɗi a can za ka gani. Tukuna ma, Hajiya, kin yi odar wani abu kuwa?