Hawan Jini da Ciwon Kai Mai Walƙiya: Wace Hanyar Tazarar Haihuwa ce ta Dace?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga Gusau nake, shekaruna 34, yara biyar. Ina shan Microgynon da nake saya a kemis. An auna jinina an samu 150/95, kuma kafin ciwon ɓarin kai ya taso mini sai in riƙa ganin walƙiya a idona. In ci gaba da sha?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki daina shan wannan ƙwayar daga yau, ku yi amfani da kwaroron roba kafin ki je asibiti. Microgynon tana ɗauke da sinadarin istirojin, wanda ke sa jini saurin daskarewa, yana kuma ɗaga hawan jini. Awon 150/95 kaɗai ya isa a nema miki wata hanya, amma walƙiyar nan ta fi damuna. Idan tana zuwa kamar zane mai karkace-karkace, ko wani gefen ganinki ya dushe, ta ɗauki minti 5 zuwa 60 sannan kai ya fara sara, to ciwon irin wanda ke ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki ne, istirojin kuma yana daɗa wannan haɗarin. Hukuncin ɗaya ne ga matar da jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko a huhu, ko da ta warke tuntuni.

Abin da na fi zaɓar miki shi ne ashanar hannu ko robar mahaifa. Ashanar ba ta da istirojin: Implanon na yin shekara 3, Jadelle shekara 5. Al'ada takan rikice, ta riƙa ɗigo ko ta ɗauke, wannan ba cuta ba ce. Robar mahaifa mai jan ƙarfe kuwa babu ruwanta da hawan jini ko ciwon kai, tana kai shekara 10. Matsalarta ƙara yawan jinin al'ada, musamman a watannin farko, don haka mai ƙarancin jini ko mai shan maganin tsinka jini ta faɗa kafin a saka mata.

Allurar wata uku, Depo ko Sayana Press, za ki iya yi a awonki na yanzu, amma idan ya kai 160/100 a bar ta. Akwai kuma ƙwayar masu shayarwa irin Microlut, sai dai in kika makara fiye da awa 3 kariyarta ta yi rauni, sai kwaroron roba na kwana 2.

Ki sake awon jinin a wata rana daban, bayan kin zauna minti 5, domin shi ma yana neman magani. Idan kuwa baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya mutu, ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, a kai ki asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.