Shi ne gwanin ciniki, amma ya addabi abokan aiki: zan iya yanke masa kamasho ko in kore shi?

Tambaya: Barista, ina da kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, ma'aikata 14. Akwai wani da ya shekara 4 tare da mu, kusan rabin cinikinmu ta hannunsa yake shigowa. Matsalar ita ce hali. Yana zagin yaran sito a gaban kwastomomi, ba ya zuwa taron safiya, yana ƙwace kwastoman abokan aikinsa. Mutum biyu sun ajiye aiki saboda shi. Na yi masa magana ba sau ɗaya ba. Ina so in yanke masa kamashon wata biyu ya ji a jikinsa, in bai gyara ba in kore shi nan take. Ai kamfanina ne, ko ba haka ba?

Amsa: Alhaji, kamfaninka ne, ba wanda zai yi jayayya da wannan. Sai dai abubuwa biyun da ka yi niyya, kowanne na iya mayar da kai mai laifi a maganar da kai ne mai gaskiya a cikinta. Ban ga takardar ɗaukarsa aiki ba, don haka duk abin da zan faɗa yana iya sauyawa gwargwadon abin da ke cikinta.

Mu fara da kamasho. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai aiki cin ma'aikaci tara ta hanyar yanke masa albashi. Inda aka yi sassauci shi ne idan ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci, kuma ko a nan sai an fara samun izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Zagin yaron sito mummunan abu ne, amma ba asarar da za ka lissafa da naira ba ce. Mai yiwuwa wani ya ce maka dokar ba ta shafi mutuminka ba, kuma maganar ba ta rasa tushe, domin sashe na 91 ya fitar da manajoji da ƙwararru da wakilan ciniki masu aiki a wajen harabar kamfani daga cikin waɗanda take kira ma'aikata. To ko da hakan ne, kamashon da ya riga ya yi wa aiki bashi ne a kanka bisa yarjejeniyarku, kuma wannan ita ce ƙara mafi sauƙin ci da zai iya shigarwa. Abin da kake da iko a kai shi ne kyautar ƙarshen shekara, idan dama ganin damarka ce ba alkawari ba, da kuma tsarin kamashon nan gaba, in kun sake zama kun amince a rubuce.

Sai batun kora. Doka ta bambanta sallama da kora, kuma masu kamfani da yawa suna haɗa su. Sallama ita ce ka kawo ƙarshen aiki da notis, ko ka biya kuɗin kwanakin notis ɗin, ka kuma biya duk haƙƙoƙinsa. Ga wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sashe na 11 ya ce mafi ƙaranci mako biyu a rubuce. In takardarsa ta ce wata guda, wata guda ne. Kora nan take kuwa sai da babban laifi, irin sata ko duka ko bijire wa umarni ƙarara, kuma kai ne za ka tabbatar da laifin, ka nuna ka ba shi damar kare kansa.

A nan ne nake ganin rauninka. Ka ce ka yi masa magana. Da baki, na tabbata. In aka buɗe fayil ɗinsa yau, me za a gani? Ƙarin albashi, ƙila takardar yabo, ƙila hotonsa yana karɓar kyautar gwarzon shekara. Ba gargaɗi ko ɗaya. Lauyansa zai ce shekara 4 kana ganin wannan hali kana ba shi lada, ke nan ka yarda da shi. Wannan hujja tana yin tasiri a kotu, kuma a gaskiya kai ka miƙa masa ita da hannunka.

Za ka ce to sai ka sallame shi da notis, ba sai ka faɗi dalili ba. Haka dokar take a da, kuma har yanzu akwai hukunce-hukuncen da suke kan wannan. Amma tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba ƙa'idojin aiki na duniya, kuma ta sha yanke cewa sallama ba tare da dalili mai alaƙa da aiki ko hali ba rashin adalci ne. Kotuna ba su gama daidaita bakinsu a kan wannan ba. Ni dai ba zan ba ka shawarar ka zama wanda za a gwada a kansa ba.

Abin yi ba mai wuya ba ne, haƙuri kawai yake so. Waɗanda ya zaga su rubuta ƙorafi da kwanan wata, da abin da ya faɗa, da wanda yake wurin. "Yana da girman kai" ba laifi ba ne a takarda. "Ranar kaza ya kira mai kula da sito ɓarawo a gaban direbobi biyu da kwastoma" laifi ne da za a iya amsawa. Ka ba shi takardar tuhuma a kan abubuwa biyu ko uku irin wannan, ka ba shi sa'o'i 48 ya amsa a rubuce, ku zauna da shaida, sannan gargaɗi ya biyo baya da sa hannunsa cewa ya karɓa. In ya ƙi sa hannu, wanda ya miƙa masa ya rubuta hakan. Gargaɗin ya faɗi abin da ake so ƙarara: halartar taron safiya, ba taɓa kwastoman da aka rubuta da sunan wani, ba zagi. A sa wa'adi, misali wata uku. Kuma ƙa'idar ta hau kan kowa, domin in wasu ma suna fashin taro ba a ce musu uffan ba, zai ce shi aka ware.

Kada kuma ka yi dabarar nan ta ƙwace masa manyan kwastomomi ko mayar da shi sito don ya gaji ya tafi da kansa. Kotun Ma'aikata tana iya ɗaukar wannan a matsayin kora ta bayan gida. Haka nan waɗanda suka ajiye aiki saboda shi: in suka nuna sun kawo maka kuka ka kau da kai don yana kawo kuɗi, kai za su iya nema, ba shi ba. Ban ce za su yi nasara ba, amma ƙofar a buɗe take.

In wa'adi ya cika bai sauya ba, abin da na fi so shi ne rabuwa ta sulhu. Ka biya kuɗin notis, da kamashon da ya rage, da hutun da bai ci ba, ƙila ka ɗora albashin wata ɗaya ko biyu a sama, shi kuma ya sa hannu cewa ba ya binka komai, ya miƙa littafin kwastomomi da bashin da ke waje da layin wayar kamfani. Za ka ji zafin biyan mutumin da ya ɓata maka rai, amma shari'a tana iya cin shekaru, ga kuɗin lauya. In kun kasa daidaitawa ku biyu, ofishin ƙwadago na tarayya da ke jiha yana shiga tsakani, Kotun Ma'aikata ma tana da sashen sulhu.

Abu na ƙarshe da za ka duba kafin ka motsa shi ne ko takardarsa ta hana shi jan kwastomominka bayan ya tafi. In babu wannan sharaɗi, da wuya ka iya hana shi buɗe nasa a layi ɗaya da kai. In akwai, kotu ba ta tabbatar da shi sai tsawon lokacinsa da faɗin abin da ya hana sun yi daidai da hankali. Don haka a cikin wata ukun nan ka haɗa kowane babban kwastomansa da wani ma'aikaci na biyu, ba tare da ka taɓa kamashonsa ba, sannan ka kai wa lauyanka takardar ɗaukar aikin da takardun biyan kamashon shekarar da ta wuce kafin ka rubuta masa komai.